Tallar da Aka Canza wa Lamba

Duk daɗewar da Mai Labule ta yi a ƙasar mutane, ba ta taɓa aika kaya gida a kwantena ba. Kuɗi take turawa, in kuma ta samu mai tafiya ta liƙa masa ƙullin magani. Sana'arta labule da zanin gado, a wani ɗan shago da ke cikin tsohon bene inda baƙi irinta suke kasa kaya. Da wannan shago ta aurar da 'ya'ya biyu, ta rufa wa gida kwano, ta riƙe mijinta tun da ya bar aiki.

Sai abubuwa suka haɗu mata a lokaci guda. An sayar da benen, sabon mai shi ya ce kowa ya kwashe. Takardar zamanta kuwa a kan shagon take, don haka da ta je sabuntawa aka ce mata babu shago babu takarda, ƙarshen wata ta bar ƙasar. Can gida kuma Malam, maigidanta, ya faɗi a banɗaki tun bara, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Autarsu ce take jinyarsa, ita kaɗai, yarinyar da ta ajiye karatun koyarwa don ta zauna da ubanta.

"Umma, bayansa ya fara tsagewa," in ji Auta a waya wata safiya. "Ma'aikaciyar jinya ta ce kwanciya wuri ɗaya ce. Ta ce a riƙa juya shi, a riƙa ɗaga shi zaune."

"To, kina juya shin?"

"Ina yi. Amma Umma, Baba fa ba ƙaramin mutum ba ne. Jiya da na ɗago shi wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, na daɗe a durƙushe kafin na miƙe. Shi kuma yana kallona yana hawaye."

Wannan magana ce ta sa Mai Labule ta bi wani gidan kula da tsofaffi da ke sayar da tsofaffin kayansa. Ta sayi gadon asibiti mai hannun juyawa, wanda ake murɗawa ya ɗaga kan majinyaci ba sai da lantarki ba. Ta haɗa da katifarsa ta musamman da keken guragu. Sauran abin da ke hannunta duk yana cikin labule da zanin gadon da ta kwaso daga shago, kwali bisa kwali, waɗanda take sa ran ta buɗe rumfa da su in ta koma.

Ɗakin da suke haya ita da wata ƙawarta mai kitso ya cika har ba wurin shimfiɗa sallaya. Gadon ya ƙi shiga, aka jingine shi a baranda, mai gidan yana wucewa yana tsaki.

"Yaya, ko dai mu koma kwana kan kwalayen nan mu ba gadon haƙuri?" in ji Mai Kitso. "Jiya da ƙafar keken guragun nan na yi matashi."

Kowa a garin ya san Baba Kago, dattijon da ya daɗe yana haɗa kayan mutane a kwantena ɗaya yana turawa gida. An kuma san tsadarsa. A jirgin ruwa ba nauyi ake biya ba, wurin da kaya ya ci ake biya, gadon asibiti kuwa ba ya jin kunya wajen cin wuri. Mai Labule tana ta jan ƙafa, tana lissafin abin da zai rage mata bayan kuɗin jirgi, sai ga talla ta faɗo a guruf ɗin 'yan kasuwa na waya. Ga hoton Baba Kago tsaye gaban kwantena da hularsa, a ƙasa an rubuta:

"Albishir ga 'yan kasuwa da ma'aikata mazauna nan. Kwantenar Baba Kago ta wannan wata za ta rufe ranar Juma'a. Muna kai kaya ga iyalanku a gida: firji, katifa, keke, kayan shago, duk abin da doka ta yarda. Kuɗin kwastam da na fito duk a ciki. Akwai ragi babba ga wanda ya biya rabi kafin lodi, kuma muna zuwa ɗauka har gida kyauta. Amana ita ce jarinmu. A kira wannan lamba."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta miƙa wa Mai Kitso.

"Baba Kago da ragi?" in ji Mai Kitso. "Lallai duniya ta zo ƙarshe. Mutumin da ko gaisuwa sai ya auna ta da tef."

"Ƙila kwantenar ce ba ta cika ba, yana neman ciko."

"Ƙila."

Wanda ya ɗauki wayar muryarsa sanyi ƙalau. Mama ya kira ta tun daga farko har ƙarshe. Ya tambayi irin kayan, ya tambaya ko akwai batir ko turare ko wani abu mai ruwa a ciki, don waɗannan ba a haɗa su haka kawai. Wannan tambaya ta kwantar mata da hankali, ta ce a ranta mutumin nan ya san aikinsa. Da ta ambaci gadon da dalilinsa, sai ya ce, "Allah ya ba Baba lafiya, Mama. Ni ma mahaifina haka ya yi fama."

Washegari da hantsi ya zo da farar mota mai rufi, shi da wani ɗan dako da ba ya jin Hausa. Mutum ne siriri, ya ba talatin baya, haƙorinsa na gaba ɗaya a karye. Har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ta. Ya dubi kayan ya faɗi kuɗi nan take.

"Ba za ka auna ba?" in ji Mai Kitso.

"Anti, idona ya zama tef. In mun je sito za a auna, in ya ragu a mayar wa Mama canjinta."

Ya rubuta sunan Auta da lambarta a jikin kowane kwali da baƙin alƙalami mai kauri. Ya yage rasit mai ɗauke da sunan Baba Kago ya ba ta, ta biya rabi. Da kansa ya naɗe hannun gadon da tsumma don kada ya lanƙwashe. Mai Labule ta tsaya bakin titi har motar ta sha kwana, sannan ta kira Auta ta ce, "Ki gaya wa babanki gadonsa ya kama hanya."

Juma'a ta wuce. Ta san cewa in an rufe kwantena akan ba mai kaya lambarta don ya riƙa bibiyar jirgi, don haka ta kira ta tambaya. Ya ce ana jiran takardu daga kamfanin jirgi. Kashegari ya ce yana tuƙi. Daga nan wayar ta daina shiga. Ta tura saƙo, saƙon bai isa ba. Ta ce ƙila caji ne, ƙila waya ce ta faɗi. Ranar Litinin ta ɗaura ɗankwali ta hau bas biyu zuwa bayan gari, inda sitocin kaya suke jere kamar haƙoran tsefe.

Siton Baba Kago a buɗe yake, ga kwantena a ƙofa, rabinta babu komai. Wani ma'aikaci yana auna firji da tef, tsawo da faɗi da tsayi, yana faɗa ana rubutawa. Wani yana naɗe kwali da leda. Kowane kaya da lamba a jikinsa, irin lambar da ke kan rasit ɗin mai shi. Mai Labule ta bi jerin kayan da ido daga wannan bango zuwa wancan. Babu gado, babu keke, babu kwali ko ɗaya mai sunan Auta.

Baba Kago na zaune bayan tebur da tabarau a karan hanci. Ta gaishe shi ta ajiye rasit a gabansa.

"Alhaji, na zo jin labarin kayana. An ce kwantena ta rufe ranar Juma'a."

"Wace kwantenar, Hajiya? Ga ta nan kina gani, sai Juma'a mai zuwa." Ya ɗauki rasit ɗin ya kai kusa da ido, ya juya bayansa. "Wa ya ba ki wannan?"

"Yaronka."

"Wannan tsohon rasit ne, mun daina amfani da shi tun bara. Kuma ni ba na zuwa gida ɗaukar kaya kyauta. Wanda ya gaya miki kuɗi bai sa tef ba, ƙarya yake miki."

Ta ciro waya ta nuna masa tallar. Ya ciro tasa ya buɗe tallar da ya saba turawa, suka jera su a kan tebur. Hoto ɗaya, magana kusan ɗaya, har da amana ita ce jarinmu. An ƙara layin ragi da na ɗauka kyauta, an matso da ranar rufewa, an canza lambar waya.

Ta zauna a kan wani kwali ba tare da ta duba na wane ne ba. Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne Auta durƙushe a gaban gado tana riƙe da ƙugu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Baba Kago. "Hajiya, ki yi haƙuri. Duniyar ce ta lalace, hoton mutum kowa na iya ɗauka. Yaya kamanninsa?"

"Siriri ne. Ga ladabi kamar ya kwanta maka. Haƙorinsa na gaba a karye."

Mai auna firjin ya dakata da tef a hannu, ya dubi maigidansa, sannan ya sunkuyar da kai. Baba Kago ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Masu karyayyen haƙori suna da yawa," ya ce.

Mai Labule ta yi shekaru tana ciniki, ta san fuskar mutumin da ya san farashi yake tambaya. Ta tashi, ta ja kwalin da take kai har tsakiyar ƙofar sito, daidai inda ake wucewa da kaya zuwa kwantena, ta sake zama.

"Hajiya, kin tare hanya."

"Na sani, Alhaji. Ba ni da shago, ba ni da kaya, ƙarshen wata za a kore ni daga ƙasar nan. Ba inda zan je. A nan zan zauna, duk wanda ya kawo kaya in nuna masa rasit ɗinka. In na gaji da magana in naɗi murya in tura guruf, in ce Baba Kago ya san ɓarawon ya rufe."

"Za ki kashe ni da raina? Mutane za su kwashe kayansu, kwantena ta tafi rabi, ni in biya kuɗin cikakkiya."

"Mijina yana ruɓewa a kwance, Alhaji. Wanda ruwa ya ci, ko takobi ka miƙa masa kamawa zai yi."

Wata mata ta shigo da akwatuna biyu, ta tsaya tana kallonsu. Baba Kago ya yi wa ma'aikacinsa alama ya karɓe ta, shi kuma ya jawo kujera kusa da Mai Labule ya zauna, ya rage murya.

"Ɗan ƙanwata ne," ya ce. "Ladabi muke ce masa tun yana yaro. Ni na kawo shi ƙasar nan, ni na koya masa aikin nan, shi yake ja mini mota. Bara na gano yana karɓar kuɗin mutane ta bayan fage, na sallame shi. Ban faɗa wa kowa ba saboda uwarsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"To naka hannun ya shiga aljihuna."

"Ya shiga."

Ta ce a kira 'yan sanda. Ya ce ba zai hana ta ba, amma ta sani: in sun kama kayan, shaida za su zama, a kulle su har a gama shari'a, ita kuwa tana da jirgi a ƙarshen wata. Ta juya maganar a ranta ta ga babu ƙarya a ciki, ko da yake ta san yana kare ɗan ƙanwarsa ne. Rana zafi, inuwa ƙuna. Ya kira Ladabi a gabanta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya ce bai san inda yake kwana ba yanzu.

Mai Kitso ce ta kawo dabara da Mai Labule ta koma gida ta ba ta labari. Ta ce ai lambar Yaya kaɗai ya toshe, tata bai sani ba. Ta gyara zama, ta sauya murya ta koma ta matar mai kuɗi, ta kira lambar tallar.

"Salamu alaikum, Baba Kago ne? Ina da firji biyu sababbi da talabijin, maigida ya ce a kai wa uwarsa. Ni dai ba na son wahala, ku zo ku ɗauka."

Ta ba shi adireshin shagon da take kitso, a wata unguwa daban. Da ta kashe wayar ta ce, "Kin ji yadda yake ce mini Mama? Ni da ko furfura ban fara ba."

Mai Labule ba ta yi dariya ba. Auta ta kira a ranar tana tambaya ko jirgin ya tashi, ta ce mata ana kan lodi. Auta ta ce ta gaya wa Baba, har ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna inda yake so a ajiye gadon, kusa da taga. Mai Labule ta ce madalla, ta kashe waya, ta kifa fuska a cinya.

Da safe farar motar ta tsaya a ƙofar shagon kitso. Ladabi ya sauko yana murmushi, ya shigo da sallama. Sai ya ga kawunsa zaune a kujerar masu jiran kitso, tsakanin madubi da kwandon gashin roba, ga Mai Labule a gefensa. Ya juya, ya tarar ma'aikatan sito biyu sun tsaya a ƙofa.

"Kawu," ya ce, ya durƙusa.

"Tashi, munafuki. Durƙuson nan naka ya cuci mutane da yawa. Ina kayan baiwar Allah?"

Ya fara rantsuwa, ya ce kuskure ne, ya ce dama niyyarsa ya tara kaya ya yi tasa kwantenar, kuɗin ne suka ƙi haɗuwa. Ya ce haya ta ci shi, motar ma ta aro ce. Ya ce da sunansa ba wanda zai ba shi ko allura, shi ya sa ya ari na kawu.

Mai Labule ta matso har tana jin numfashinsa. "Ka ce mini mahaifinka haka ya yi fama."

Ladabi ya kau da kai.

"Ubansa yana nan garau," in ji Baba Kago. "Bara ma ya ƙara gona."

"Ni ba shari'a na zo yi ba," ta ce. "Ka kai ni wurin gadon."

Garejin haya ne a ƙarƙashin wani bene, cikin jerin ƙofofin ƙarfe iri ɗaya. Da ya ɗaga ƙofar, warin danshi ya bugo su. Kaya ne jibge har rufi, kowanne da suna da lambar waya da baƙin alƙalami. Ga keken yara mai ƙararrawa, ga keken ɗinki, ga wani kwali da aka rubuta wa "na Inna, a yi hankali, kwalabe ne". Da yawa an farke su an zaɓe na zaɓa. Baba Kago ya tsaya yana karanta sunayen yana motsa baki, wasu ya san masu su, ya san iyayensu.

Mai Labule ta kutsa ciki tana ture kwalaye. Ta sami nata guda uku, biyu fanko, ɗaya da ragowar zanin gado. Keken guragu babu. Katifar babu. Can ƙurya, bayan wani tsohon firji, ga gadon jingine da bango, hannunsa naɗe da tsumma yadda aka ɗauke shi. Ta dafa ƙarfen da hannu biyu, sai a lokacin kuka ya zo mata, irin wanda ba ya fita da sauti.

"Keken da katifar sun tafi tun ranar," in ji Ladabi daga bayanta. "Labulen na ba wani mai rumfa a kasuwar ƙarshen mako. Gadon ne ba wanda ya taya."

"Kuɗin fa?" in ji kawunsa.

"Sun shiga haya, Kawu."

Baba Kago ya ɗaga hannu kamar zai mare shi, ya fasa, ya sauke. Ya juya wajen Mai Labule ya ce gadon zai shiga kwantenarsa ba tare da ta ƙara ko sisi ba, zai kuma nemo katifa irin waccan daga aljihunsa. Keke da labule kuwa ba zai yi mata alkawarin da ba zai cika ba. Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo, Hajiya. Maganar nan ta tsaya a nan. Zan bi masu kayan ɗaya bayan ɗaya a asirce."

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta dubi keken yaran, ta dubi kwalin Inna.

"Alhaji, tallar tana nan tana yawo. Yanzu haka wata tana can tana ɗaure kwali."

"Zan sa ya goge."

"Ya goge tasa. Wadda aka tura wa wani, wani ya tura wa wani fa? Ko ka faɗa da bakinka, ko in faɗa da nawa. In ka ce saboda haka gadon ba zai shiga ba, to ka faɗa mini yanzu in san inda dare ya yi mini."

Ta faɗi haka ne alhali ba ta da wata hanyar in ya ce a'a. Dattijon ya ciro waya, ya buɗe guruf ɗin, ya danna wurin naɗar murya, ya kai bakinsa. Ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce akwai talla mai hotonsa da lambar da ba tasa ba, kada kowa ya kira. Ya ce wanda ya yi wannan aiki ɗan ƙanwarsa ne, jininsa, kuma duk wanda ya ba da kaya ya zo sito da rasit ɗinsa. Muryarsa ta karye a wajen "jinina", amma bai goge ba, ya tura.

Kafin la'asar siton ya cika da mutane, wasu na kuka, wasu na zagi. Mutum biyu suka kwashe kayansu daga kwantenar suka kai wani wuri. Wani mai sayar da takalma da aka cinye wa jari kaf bai saurari roƙon kowa ba, ya kira 'yan sanda, suka tafi da Ladabi, suka sa wa garejin kwaɗo da duk abin da ya rage a ciki. Gadon ya riga ya fita, yana sito. Mai Labule ta tsaya a kai aka auna shi da tef, aka naɗe shi da leda tare da sabuwar katifa, aka manna masa lamba, aka ɗaure shi a jikin bangon kwantena don kada ya yi yawo a teku. Ranar Juma'a aka rufe ƙofar aka danna mata hatimin ƙarfe. Baba Kago ya rubuta mata lambar kwantenar a bayan rasit ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

Ta sauka gida da akwati ɗaya da ragowar zanin gado. 'Yan'uwa suka zo sannu da zuwa suna leƙen bayanta, suna jiran a shigo da sauran kaya. Wata ƙanwar Malam ta ce, "Yaya, ko kayan suna tafe ne?" Ta ce suna tafe.

Malam ya rame har ta kusa kasa gane shi. Da ta ɗaga rigarsa ta ga bayan, sai da ta fita tsakar gida ta sha iska ta dawo. Daga ranar su biyu suke juya shi, ita ta kama kafaɗa, Auta ta kama ƙugu. Auta tana tafiya a karkace kamar tsohuwa. Kullum sai ta sa lambar kwantenar a waya ta duba, ta ce jirgi ya tsaya a wata tasha, ta ce an sauke an sake lodawa a wani jirgin, ta ce ya iso amma yana layin kwastam. Sati shida da aka ce kayan za su yi a hanya ya zama wata biyu da ɗoriya. A tsakanin nan zazzaɓi ya kama Malam saboda ciwon bayan, suka kwana asibiti, Mai Labule ta sayar da 'yan kunnenta. Akwai ranar da ta zauna tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, tana roƙon Allah kada gadon ya zo ya tarar babu mai hawansa.

Ya zo ya tarar da shi. Wakilin Baba Kago ya kira, aka kawo gadon a bayan wata motar ɗaukar kaya, ledar ta yi baƙi, ƙafa ɗaya ta ɗan goge fenti. Sai kuma ya ƙi shiga ƙofar ɗakin. Aka karkata shi, aka tsayar da shi, ya ƙi. Mai Labule ta ce a kira kafinta ya cire ƙyauren da katakonsa gaba ɗaya.

"Umma, ɗakin zai kwana a buɗe," in ji Auta.

"Ya kwana. Me ya rage da za a sata?"

Maƙwabta huɗu suka ɗaga Malam da zani suka ɗora shi a kan sabuwar katifa. Auta ta durƙusa a ƙafar gadon ta kama hannun ta fara murɗawa. Ƙarfen ya yi ƙara, kan gadon ya fara tasowa a hankali, Malam ya zaro ido ya damƙe hannun matarsa da hannunsa mai lafiya, har ya zauna sosai yana kallon mutanen da suka cika ɗakin. Bakinsa ya motsa, abin da ya fito ba kalma ba ce, amma kowa ya amsa da "Alhamdu lillahi".

Auta ta ci gaba da durƙuso a wurin, goshinta a kan ƙarfen gadon, kafaɗunta na rawa.

"Tashi ki je ki kwanta," in ji uwarta. "Ni zan ba shi abinci. Gobe kuma ki raka ni kasuwa, in ga ko akwai mai neman wadda ta iya ɗinkin labule."